Shekara Goma Sha Uku Ba Sallama: Yadda Malam Ya Nemo Monita

Mutum biyun nan 'yan ajinmu ne, kuma sun yarda in ba da labarinsu bisa sharaɗin ba zan kama suna ba. Ɗaya zan ce masa Malam, domin koyarwa yake yi a wata sakandare a Funtuwa. Ɗayan kuma Monita, sunan da ya bi shi tun muna aji ɗaya, ko da yake yanzu babban ma'aikaci ne a Abuja, mai direba da sakatare. Ni na shiga tsakaninsu, saboda haka na ji ta bakin kowanne, kuma abin da ɗaya ya zata game da ɗayan kusan duk ba haka yake ba.

Mun shiga makarantar kwana ta maza a jihar Katsina a 1993, muka fita a 1999. Gado ɗaya suke, mai hawa biyu, Monita a sama, Malam a ƙasa. Garin kwakinsu da ƙuli-ƙuli da sukari a akwati ɗaya suke ajiyewa, makulli ɗaya a wuyan Malam. Lokacin da muka gama ba wanda ya karɓi lambar wani, domin wayar hannu ba ta bazu a Nijeriya ba sai daga 2001. Duk da haka su biyun ba su rabu ba. Malam yakan je wurin Monita a Samaru lokacin yana jami'a a Zariya, kuma shi ne babban abokin ango da Monita ya yi aure a Malumfashi a 2008.

A 2011 mahaifin Monita ya rasu. Labari bai kai wa Malam ba sai da aka tashi daga zaman makoki. Ya ce zai je ranar arba'in. Kafin ranar matarsa ta kwanta asibiti, kuɗin hannunsa suka ƙare, arba'in ta wuce. Ya ce ba zai yi ta'aziyyar Baba ta waya ba, sai ya taka da ƙafarsa, wanda kuwa gaskiyarsa ne, amma ƙafar ba ta taku ba. Bayan wata shida ko bakwai Monita ya kira shi. Malam ya ga sunan a fuskar waya, ya rasa da wane baki zai fara, ya bar ta tana ƙara har ta tsinke. Bai sake kira ba, shi ma ba a sake kiransa ba.

Na tsaya a kan wannan ne saboda yawancin shirun da na sani tsakanin tsofaffin abokai haka yake farawa. Ba faɗa ba ne. Wani haƙƙi ne aka bari ya kwana, biki ko suna ko gaisuwar mutuwa ko ɗan bashin da ba a biya ba, sai kunya ta yi ta hauhawa a kansa kowace shekara. Wanda zai nemi tsohon aboki, in bai san abin da ya kwanta a ƙarƙashin shirun ba, zai yi ta zagaye ne kawai.

A watan Janairun 2024 aka sa Malam a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Ya bi jerin lambobi ya ga ta Monita, wanda yake cikin zauren amma bai cika magana ba. Da daddare ya tura masa saƙo na farko, haruffa uku: “Slm”. Washegari ya ƙara da “Ka gane mai magana?” Alamar karantawa ta koma shuɗiya, amsa ba ta zo ba. Ranar Juma'a ya tura masa hoton nan na barka da Juma'a mai furanni da ake yaɗawa. Shiru. Sai ya kira ni, ransa a ɓace, ya ce, “Ai na faɗa maka, mutumin nan ya zama babba. Ya karanta fa, ya share ni.”

Da na tambayi Monita daga baya, ko tunawa da saƙon bai yi ba sai da ya koma ya duba. Lamba ce da ba ta cikin wayarsa. Babu hoto, domin Malam ya saita wayarsa ta yadda sai waɗanda ya adana lambarsu ke ganin hotonsa, shi kuwa daga zaure ya taɓa lambar bai adana ta ba. Babu suna a saƙon. Monita ya ce irin wannan “Slm” ɗin yana samunsa kusan kullum, kuma ya san abin da ke biyo baya: in ka amsa, sai gaisuwa mai tsawo, sai labarin kuɗin makaranta ko na asibiti ko neman aiki ga ƙane, sai lambar akawun. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙaru, kuma bai ga laifin masu yi ba, amma ba zai iya amsa wa kowa ba. “Ka gane mai magana?” kuwa ita ce ta kashe maganar gaba ɗaya, domin da ita 'yan damfara suke buɗe baki. Kai za ka cinka suna, su ce “ai ni ne”, daga nan a nemi ka karanto lambobi shida da aka turo maka, a ƙwace maka WhatsApp.

To ka ga Malam ya tura saƙo uku, a ransa ya yi babban ƙoƙari, ya haɗiye kunyar shekara goma sha uku. A wurin wanda aka tura wa kuwa, babu ko ɗaya da ya nuna cewa aboki ne. Wasan cinke da muke yi wa juna a waya yana da daɗi ne tsakanin waɗanda suka rabu bara. Bayan shekaru masu yawa, ɗora wa mutum jarrabawa ne, in ya faɗi ya ji kunya, in ya ƙi amsawa a ce ya yi girman kai.

Abu na farko da muka gyara shi ne a yi masa iso. Na kira Monita kan wata magana ta zauren, a ƙarshe na ce masa, “Mutuminka na gadon ƙasa yana cigiyarka, zai neme ka.” Ya yi jim, sannan ya ce, “Lafiya dai ko?” Duk Bahaushe ya san wannan tambayar ba lafiyar jiki take nufi ba. Na ce masa lafiya lau, yana aikinsa, yana riƙe da gidansa, zumunci ne kawai. Ya ce, “To, Allah Ya kawo shi.”

Nan muka yi saɓani da Malam. Ni na so ya faɗa da bakinsa a cikin saƙon cewa ba wata buƙata ce ta kawo shi ba. Shi ya ƙi. Ya ce duk mai gaisuwa da roƙon iri da wannan kalmar yake farawa, kuma in ya furta ta ya riga ya sa kansa a layin masu roƙo. Yanzu na yarda shi ne da gaskiya. Kalmar tana da amfani, amma a bakin ɗan tsakani. In na faɗe ta shaida ce, in shi ya faɗe ta kare kai ne.

Na biyu shi ne lokaci. Azumi ya kama a watan Maris, Malam ya so ya tura gaisuwar shiga azumi, na ce ya dakata. Daga jajibirin azumi zuwa jajibirin Sallah lokacin buƙatu ne, kayan buɗa-baki, ɗinkin yara, zakka. Duk saƙon da ya shiga wayar mai hali a wannan tsakanin da wannan idon ake karanta shi, komai tsarkin niyyar mai shi. Haka ma ƙarshen wata. Amma da an sauko daga Idi abin ya juya, kowa yana gaida kowa, ba a tambayar dalili. An yi ƙaramar Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu, shi kuma ya tura nasa ranar Asabar da hantsi, lokacin da hayaniyar baƙi ta lafa kuma ba a koma ofis ba.

Kafin nan ya tambaye ni ko Hajiya, mahaifiyar Monita, tana raye. Na bincika na ce masa tana nan a Malumfashi. Wannan tambayar ta yi kyau. Akwai wata da ya kamata mu yi ba mu yi ba, zan zo kanta.

Ya adana lambar Monita domin hotonsa ya fito. Ya fara da layi ɗaya a rubuce: sallama cikakkiya, cikakken sunansa, sunan makarantar da shekarar da muka fita. Sannan ya bi da saƙon murya da bai kai minti ɗaya ba. Ya sake naɗa sau huɗu kafin ya tura. Ga abin da ya ce:

“Assalamu alaikum. Monita, ni ne na gadon ƙasa. Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Jiya muna haɗa wa yarona akwatin komawa makaranta, uwarsa ta zuba ƙuli-ƙuli, sai ka faɗo mini a rai. Sannan akwai nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. Baba ya rasu ban zo ba, ka kira ni ban ɗauka ba. Laifina ne, kunya ce ta riƙe ni. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. A gaida Hajiya da iyali. Na bar ka lafiya.”

Murya aka zaɓa saboda rubutu kowa yana iya yi da sunan kowa, amma muryar wanda kuka kwana ɗaki ɗaya shekara shida ba ta ɓacewa, ko ta yi kauri. Ba a kira kai tsaye ba kuma, domin kira yana tilasta wa mutum ya amsa nan take, alhali kai ka yi makonni kana shiri, shi ko daƙiƙa ɗaya bai samu ba.

Sunan da ya kira shi da shi ma sai da muka tattauna. Naɗin farko “ranka ya daɗe” ya fara da ita, na ce ya goge. Wanda ya ce wa abokin gadonsa “ranka ya daɗe” ko “yallaɓai” ya riga ya tsuguna, kuma mai tsugunawa ana jiran a ji abin da zai roƙa. Akwai kuma wani sunan tsokana da muke kiran Monita da shi saboda wani abin kunya da ya same shi a aji biyu. Shi ma ba a taɓa shi ba, domin ba ka san ko a gaban 'ya'yansa zai kunna saƙon ba, kuma ba kowane suna ne mai shi yake kewarsa ba. “Monita” ya tsaya a tsakiya, na makaranta ne amma ba ya zubar da mutunci.

Ban-haƙurin jimla biyu ne kawai. Bai kawo asibiti ba, bai kawo rashin kuɗin mota ba, ko da yake duk gaskiya ne. Da ya jero uzurori, da Monita ya koma alƙali mai auna ko sun isa. Bai kuma ce “ka ɓuya” ko “kun shiga Abuja kun manta da mu” ba. Waɗannan kalmomi muna faɗarsu kamar wasa, amma ɗora laifi ne, kuma wanda aka faɗa wa dole ya fara da kare kansa. Sannan babu tambaya ko ɗaya a saƙon. Bai ce “ka kira ni” ba, bai ce “yaushe za ka shigo” ba. Ya ajiye gaisuwarsa ya juya.

Alama ta nuna an saurari saƙon tun kafin azahar. Amsa ba ta zo ba ran nan, ba ta zo washegari ba. Malam ya kira ni sau biyu yana cewa ko ya ƙara wani saƙon. Na ce masa kada ya kuskura, ko alamar tambaya kada ya tura. Wanda ya yi shiru shekara goma sha uku ba shi da bakin ƙorafi kan kwana biyu.

Abin da ba mu sani ba shi ne Monita ma yana da nasa nauyin. Ya ce ya saurari saƙon sau uku a mota. Rashin zuwan Malam ta'aziyya ya yi masa ciwo ƙwarai a lokacin, bai ɓoye ba, kuma kiran da ba a ɗauka ba shi ya sa ya ɗauka an yanke shi. Amma a 2017 ya ji mahaifiyar Malam ta rasu, matar da takan aiko musu da dambun nama ranar ziyara, shi ma bai je ba, ya ce a ransa an yi ɗaya-ɗaya. Ga shi kuma in zai je gida Sallah sau da yawa ta Funtuwa yake bi, ya san unguwar, ya wuce. Kwana biyun da ya yi shiru, neman yadda zai fara tasa ta'aziyyar yake yi.

Ranar Litinin bayan isha'i ya kira. Ya fara da cewa, “Na gadon ƙasa, ina makullin akwati?” Suka yi dariya, daga nan magana ta buɗe. Ya yi wa Malam gaisuwar Inna, kowa ya ce wa ɗan'uwansa ya yafe, ba a ja ta ba. Suka shiga lissafin 'yan aji, wa ya rasu, wa yake Legas, wa ya zama mai gari, da malamin lissafin da yake bulala da wayar fanka. Wannan ita ce hira mafi sauƙi ga waɗanda suka daɗe ba su haɗu ba, domin ta mutane na uku ce, ba wanda aka tsare da tambayar rayuwarsa.

Sai kuskure biyu suka biyo baya, kowa da nasa.

Malam, da ya ji hira ta yi daɗi, ya ambaci amaryar 2008 da sunanta, ya ce yaranta nawa yanzu. Ashe sun rabu tun shekaru, kuma ba su haihu ba, matar da ke gidan yanzu wata ce. Monita ya ce, “Ai wannan sai dai labari,” aka yi shiru na ɗan lokaci. Ita ce tambayar da ya kamata mu bincika tun farko. In ba a bincika ba, “ya iyali?” ta wadatar, mai gida shi zai zaɓi abin da zai buɗe. Abin da ka sani game da mutum shekara goma sha shida da suka wuce, aurensa, aikinsa, lafiyar iyayensa, ka ɗauka duk yana iya canzawa.

Na Monita ya fi nauyi. Za su yi sallama sai ya ce, “Turo mini lambar akawun ɗinka, a saya wa yara goron Sallah.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, ya saba duk hira irin wannan a nan take ƙarewa, har yana ganin in bai yi ba ya gaza. Malam kuwa abin da ya yi wata uku yana gudu ke nan. Ya ce, “Haba Monita, ba wannan ya kawo ni ba,” muryarsa ta canza. Aka yi sallama sama-sama. Da ya kira ni a daren ya ce, “Ka gani ko? Almajiri ya ɗauke ni.”

Na daɗe ina tunanin wannan gaɓar. Tsakanin sa'o'i, kyautar da ba za ka iya ramawa ba tana sauya matsayi. A makaranta akwati ɗaya suke ci, yau na wannan ya ƙare a ci na wancan. Alat daga Abuja zuwa Funtuwa a kiran farko hanya ɗaya yake bi, ba ya dawowa. Da Malam ya karɓa, kiransa na gaba ba zai taɓa fita daga zargi ba, ko a wurin Monita ko a wurin kansa. Na faɗa wa Monita haka, ya ce wallahi bai kawo wannan a ransa ba. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma ba da haƙuri a kanta ba, wanda ina ganin daidai ne, domin ban-haƙurin zai sake tono ta. Bayan mako guda sai ya tura wa Malam wani tsohon hoto da ya samo a gida, su biyu da fararen kaya a bakin ɗakin cin abinci, ya rubuta a ƙasa: “Dubi wuyanka.”

Abin da ya rage shi ne ƙafa, tunda zumunta a can take. Babbar Sallah ta kama ranar Lahadi 16 ga Yuni, Monita ya zo gida. Malam bai jira a biyo ta Funtuwa a same shi ba, ya ce shi ke da bashin tafiya. Ranar Talata ya shiga motar haya zuwa Malumfashi. Bai fara da Monita ba, cikin gida ya nemi iso wurin Hajiya, ya durƙusa ya yi mata ta'aziyyar maigidanta kamar jiya aka yi rasuwar, aka shafa fatiha. Hajiya ta dube shi ta ce, “Ɗan nan, ashe kana duniya? Ai ta'aziyya ba ta tsufa. Tashi ka zauna.” Tsarabar da ya kai mata turare ne da goro. Ta Monita kuwa leda ce ɗaure da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, a gaban baƙi ya miƙa masa. Monita ya sa aka kawo kwano da ruwan sanyi, suka jiƙa suka sha a zaure, ga naman Sallah a gefe ba wanda ya kula shi.

Da zai tafi, Hajiya ce ta fito da shadda da atamfa ta ce a kai wa jikokinta da uwarsu. Kowa ya san aljihun da suka fito. Malam ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, domin daga hannun uwa ne, kuma shi ma bai zo hannu rabbana ba.

Yanzu sukan yi waya sau ɗaya a wata, wani lokaci a yi wata biyu. Ba su koma yadda suke a 1999 ba, kuma na lura akwai abubuwan da ba sa taɓawa: Malam ba ya maganar albashi ko matsalar gida, Monita ba ya maganar tafiye-tafiyensa. A zauren 'yan aji har yanzu Monita bai cika magana ba. Da Sallar da ta biyo baya zai wuce gida, ya tsaya a Funtuwa, ya yi wa 'yan'uwan Malam gaisuwar Inna, ya ci tuwo, bai fi awa ɗaya ba ya kama hanya domin kada dare ya yi masa. Yaron Malam, mai akwatin nan, shi ya raka shi bakin mota, yana ce masa Baba Monita.